Ƙwallon da ta shiga raga aka ƙi ƙirga ta: nazarin hukunci uku a wasan hoki guda

Saura minti huɗu a tashi, ana biyu da biyu, na hura usur na soke ƙwallon da duk wanda ke filin ya ga ta shiga raga. Wasan lig ne na kulob biyu, ɗaya cikin fararen riguna, ɗaya cikin shuɗi, ni kuma ina ɗaya daga cikin alƙalai biyu da ke tafiyar da shi, da'irar da abin ya faru a cikinta, wato zagayen da aka shata a gaban raga, tawa ce. Babu alƙalin bidiyo a irin wannan mataki, abin da idona ya gani shi ne hukunci. Kyaftin ɗin farare ya zo da gudu, fuskarsa cike da mamaki, ya ce: "Alƙali, ɗazu sun buga ƙwallo ta tashi har kafaɗa ka ba su ci. Tamu ko ƙugu ba ta kai ba ka ce haɗari. Yaya aka yi?"

Tambayarsa tana kan hanya, kuma a cikin fili ban iya ba shi amsar da ta wuce kalma goma ba. Cikakkiyar amsar tana buƙatar a koma kan abubuwa uku da suka faru a wasan: cin da shuɗaye suka yi a zango na biyu, laifin da ya jawo gajeriyar kwana a zango na huɗu, wato bugun da ake ba masu kai hari idan masu tsaro sun yi laifi a da'irarsu, da kuma ita kanta kwanar. Dukkansu abu ɗaya suke kewayawa, wato ko mutumin da ke gaban ƙwallo yana da halin sanin inda za ta bi, da lokacin da zai kare kansa.

Fuska, ƙeya da gefe

Sandar hoki tana da fuska shimfiɗaɗɗiya a ɓangare guda, da ƙeya mai tudu a ɗaya ɓangaren, sannan gefuna biyu sirara inda fuska da ƙeya suka haɗu. Idan ka riƙe ta a gabanka, kanta mai lanƙwasa kamar ƙugiya a ƙasa, bakin ƙugiyar yana kallon sama, fuskar tana hagunka. Haka kowace sanda take. Dokokin FIH, hukumar hoki ta duniya, ba su yarda da sandar bahago ba, don haka bahago ma da irin wannan sandar yake wasa, hannun hagu a sama, na dama a ƙasa. Abin da doka ta ɗauka a matsayin wurin wasa shi ne fuskar da gefunan. Ƙeya kuwa an haramta buga ƙwallo da ita.

Mutane sukan ɗauka wannan doka gado ce kawai da aka ƙi sauyawa. Akwai gado a cikinta, babu musu, amma wanda ya taɓa tsayawa gaban mai bugu ya san amfaninta a jikinsa. Ƙwallon hoki tauri gare ta kamar dutse, nauyinta tsakanin giram 156 da 163. Idan shimfiɗaɗɗiyar fuska ta same ta, tana tafiya ne inda fuskar ke kallo, kuma mai tsaro yana iya karanta hakan tun kafin a buga. Idan kuwa tudu ya haɗu da tudu, wato ƙeya da ƙwallo, bambancin faɗin yatsa a wurin haɗuwar ya isa ya sa ta bi ƙasa ko ta nufi haƙoran wani. Mai bugun kansa bai san inda za ta ba, balle wanda ke gabansa.

Akwai kuma batun inda sanda ke lilo. Tunda fuskar kowa hagu take kallo, kowa ya san babban bugu daga dama yake tasowa. Mai ƙwace ƙwallo ya san ta wane ɓangare zai shiga lafiya, da ta wane ɓangare zai shiga cikin hanyar sanda. Da za a bar kowa ya buga ta ko'ina, wannan sanin zai gushe. Daga wannan takurar ce kuma gwanintar wasan ta fito. Idan ƙwallo ta koma hagunka, dole ka juya sandar, bakin ƙugiya ya kalli ƙasa, fuskar ta koma dama. Hannun hagu ne ke murzawa, na dama ya saki kamar zobe, sandar ta juya a cikinsa. 'Yan wasan Indiya da Pakistan ne suka shahara da yin wannan juyi cikin sauri, dama zuwa hagu, hagu zuwa dama, a shekarun 1950, har yau ana danganta salon da Indiya.

Laifin da ya jawo kwanar

Ɗan gaban farare ya shigo da'ira ta tsakiya, ɗan bayan shuɗaye yana fuskantarsa, sandarsa a dama tana jira. Ɗan gaban ya nuna kamar zai bi ta nan, sai ya ja ƙwallon zuwa hagun mai tsaron. Mai tsaron ya makara. Ya saki hannun dama, ya miƙa sandar da hannun hagu kaɗai, ya shimfiɗa ta a gaban ƙwallon, amma bai murza ta ba. Wanda yake da sanda a kusa ya gwada ya gani: ka miƙa ta hagu ba tare da ka juya ba, za ka tarar fuskar tana kallon bayanka, ƙeyar ce ke fuskantar mai zuwa. Ƙwallon ta bugi ƙeyar, ta yi tsalle kamar taƙi ɗaya, ta fice daga hannun ɗan gaban.

Ba ƙarar na dogara da ita ba, duk da cewa ƙeya tana da nata amo wanda kunne ke sabawa da shi. Abin da na duba shi ne bakin ƙugiya. A tarar hagu ta halal, bakin ƙugiyar ƙasa yake kallo. Nasa sama yake kallo, kuma wannan kaɗai ya isa shaida.

Mai tsaron ya ce ba da gangan ya yi ba, kuma na yarda da shi. Amma rashin niyya ba ya wanke laifi, nauyin hukuncin kawai yake sauyawa. Tambayar farko ita ce ko laifin ya cutar da abokan hamayya, domin doka ta ce ba a hura usur sai an tauye wani. Da ƙwallon ta goga ƙeyar ta ci gaba da tafiya a bakin sandar ɗan gaban, da na bar wasa ya ci gaba. A nan an raba shi da ƙwallo yana mita goma daga raga. Tambaya ta biyu: da gangan ne? Da gangan ne da fenareti zan bayar. Ta uku: laifin ya hana cin da kusan tabbas ne? A'a, gola yana tsaye daidai, akwai kuma wani ɗan baya a bayansu. Laifin mai tsaro a cikin da'ira, ba da niyya ba, bai hana ci ba: gajeriyar kwana ke nan. A kan wannan ba a ja dogon zance ba.

Cin da aka yi a zango na biyu

Wannan shi ne wanda kyaftin ya kafa hujja da shi, kuma farare sun yi ƙorafi biyu a kansa tun lokacin: wai da ƙeya aka buga, kuma wai ƙwallon ta tashi da yawa.

Ɗan gaban shuɗaye ya shigo ta hagun da'ira, ƙwallon tana hagunsa, kimanin mita goma sha biyu daga raga. Ya durƙusa sosai, ya kwantar da sandar kusan a ƙasa, fuskarta tana kallon sama, ya sheme ƙwallon da gefen sandar, ɗan sama da ƙugiya. Wannan shi ne bugun da 'yan wasa ke kira tomahok. Ga mai kallo daga nesa yana kama da bugun ƙeya, tunda sandar daga hagu ta taso kuma ba fuskar ce ta sami ƙwallon ba. Amma gefe halal ne. Inda ake samun matsala shi ne karkatar sandar a lokacin haɗuwa. Idan gefen da ke gaba ya ɗan sunkuya, yana shiga ƙarƙashin tsakiyar ƙwallon, ta tashi. Idan ya ɗaga sama fiye da kima, cikin sandar na ƙasa, wato ƙeya, shi ke hawa kan ƙwallon, sai ka ga an danne ta, tana tafiya tana tsalle-tsalle. Ta wannan ɗan wasan ta fita tsaf, a miƙe, tana hawa a hankali har ta shige kusurwar sama ta nesa. Ƙwallon da ƙeya ta danne ba ta tafiya haka.

Ya kamata a faɗi nan cewa halaccin gefe yana da iyaka. An hana buga ƙwallo da ƙarfi da gefen sanda daga ɓangaren dama. A dama mutum yana da dukkan ƙarfin jikinsa, kuma yana da fuskar sanda a shirye, don haka ba shi da uzurin amfani da siririn gefe wanda ba ya iya sarrafawa. An bar masa gefen a dama ne don ayyuka masu natsuwa, kamar tare ƙwallo ko ɗaga ta kaɗan ta tsallake sandar wani.

Sai batun tsayi. Doka ta hana ɗaga ƙwallo da gangan ta hanyar bugu, in ban da bugun da aka nufi raga da shi daga cikin da'ira. Ragar tsayinta mita 2.14 ne, kuma a wasan da ke gudana duk wannan sararin halal ne a nema. Sharaɗin kawai shi ne kada bugun ya zama haɗari. To wa ya shiga haɗari? Ɗan bayan da ke bin mai bugun yana gefensa na dama, a bayansa kaɗan, ƙwallon ba ta nufe shi ba. Tsakanin sanda da raga babu kowa sai gola, wanda ke sanye da hular kwano da kayan kariya, aikinsa ke nan ya tari ƙwallo da jikinsa. Babu wanda ya sunkuya, babu wanda ya kauce. Ƙwallo ta tashi har kafaɗa ta bi sararin da babu mutum, shi ya sa na nuna tsakiyar fili.

Wannan ne abin da ya fi wuyar shiga kan sababbin 'yan wasa, har da wasu tsofaffi: babu wani tsayi guda da aka ce duk ƙwallon da ta wuce shi haɗari ce. Ana iya cilla ƙwallo ta yi tafiyar mita arba'in a sama ta bi ta kan mutum goma ba laifi. Ana iya kuma ɗaga ta zuwa cinya kawai ta zama laifi. Ma'aunin da doka ta bayar guda biyu ne. Na farko, ƙwallo haɗari ce idan ta tilasta wa abokin hamayya kauce mata, kaucewa ta gaskiya. Na biyu, ƙwallon da aka cilla ko aka kwasa sama zuwa ga abokin hamayyar da ke cikin mita biyar ana ɗaukarta haɗari. Kalmar "ta gaskiya" tana da nauyi. Wanda ƙwallo ta wuce shi da mita biyu ya dafe kai ya faɗi bai mai da ita haɗari ba. Wanda kuma bai kauce ba don ba shi da lokacin kaucewa, rashin motsinsa bai mai da ita halal ba.

Kwanar

A gajeriyar kwana, masu tsaro biyar har da gola suna tsayawa a bayan layin ƙarshe, sauran suna can bayan layin tsakiya. Ana turo ƙwallon daga layin ƙarshe, aƙalla mita goma daga turken raga, kuma ba a cin ƙwallo sai ta fita daga da'ira tukuna an dawo da ita. Bakin da'irar yana mita 14.63 daga raga. Farare sun turo, mai tarewa ya tsayar da ita a waje kaɗan, gwaninsu ya taho da gudu ya ɗauke ta a jikin sandarsa, ya ja ta a ƙasa zuwa cikin da'ira, ya cilla. Wannan ja da cilli shi ne babban makamin kwana a hokin yau.

Dalilin da ya sa ake cilli maimakon bugu yana cikin doka. Idan harbin farko na kwana bugu ne, wato an ɗaga sanda an sheme ƙwallon, dole ta tsallaka layin raga a tsayin da bai wuce milimita 460 ba, daidai tsayin allon da ke ƙasan raga. Cilli ba ya cikin wannan ƙa'ida, yana iya neman ko'ina a raga muddin ba haɗari. Farare sun san wannan sarai, shi ya sa suka ga an zalunce su. A ganinsu cilli ne, ya nufi raga, ya shiga, magana ta ƙare.

Ga abin da na gani daga inda nake tsaye, kusa da layin ƙarshe, a gefen raga. Da aka turo ƙwallon, mai gudun farko na shuɗaye, wato mai tsaron da ke fara rugowa don tare harbin, ya fito kamar an harbo shi. Lokacin da ƙwallon ta bar sandar mai cilli, kimanin mita goma sha uku daga raga, mai gudun ya ci wajen mita goma. Tsakaninsu bai fi mita uku ba. Yana tsaye a kan ƙafafunsa, ya ɗan ranƙwafa irin na mai gudu, sandarsa a hannun dama, kanta a ƙasa a gabansa, tana neman ƙwallon. Ƙwallon ta tsallake sandar, ta same shi a cinya, kamar taƙi ɗaya sama da gwiwa, ta karkata ta wuce gola ta shiga raga.

A wannan yanayi doka ba ta bar wa alƙali zaɓi ba. Idan mai tsaro yana cikin mita biyar daga harbin farko na kwana, ƙwallon ta same shi ƙasa da gwiwa, a sake ba da kwana. Idan ta same shi a kan gwiwa ko sama da ita, yana cikin tsayuwarsa ta al'ada, harbin haɗari ne, a ba masu tsaro bugun tazara. Shigarta raga daga baya ba ta gyara komai, domin laifin ya riga cin faruwa.

Me ya sa mita biyar? Lissafi kaɗan zai nuna. Manyan masu cilli suna wuce gudun kilomita 100 a awa. Wannan kusan mita 28 ne a daƙiƙa ɗaya. Mita biyar ƙwallon za ta cinye su cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, mita uku kuwa cikin kusan kashi ɗaya cikin goma. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, jiki ya fara motsi, mutum yana buƙatar wajen kashi ɗaya cikin biyar ɗin nan, kuma wannan farkon motsi ne kawai. Ko da mai cillin kulob bai kai wancan gudun ba, a mita uku mai gudu ba shi da abin yi. Tunda ba zai iya kare kansa ba, sai doka ta ɗora nauyin a kan wanda ke da iko da ƙwallon. Gwiwa kuma ita ce iyaka saboda ƙasa da ita akwai kariyar ƙwauri da takalmi, nan ne kuma sanda ke aiki. Sama da ita jiki ne, daga cinya zuwa mara, ƙirji da fuska. An yarda masu tsaro su sa abin rufe fuska a lokacin kwana, amma wannan bai ba mai cilli lasisin nufarsu ba.

Inda hukuncin zai iya juyewa

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin wannan ƙiftawar ido ba tsayin ƙwallon ba ne, wannan a bayyane yake. Sandar mai gudun ce. Domin dokar tana da ɗaya fuskar: mai tsaron da ya ruga cikin harbi ko cikin mai harbin, a fili ba ya ƙoƙarin taɓa ƙwallon da sandarsa, shi ne mai laifin wasa da haɗari. Akwai masu gudun da ake koya wa su bi layin ƙwallon su toshe da jiki, sanda tana lilo a gefe ba ta aikin komai. Wanda ya yi haka ko a ƙirji ta same shi ba zai sami bugun tazara ba, kwana za a sake bayarwa a kansa, wataƙila har da kati. Haka wanda ya zube ƙasa ko ya durƙusa har ƙwallon da za ta sami ƙwauri ta sami cinya, ya fita daga tsayuwar al'ada, kariyar dokar ba ta hau kansa ba.

Kocin farare a nan ya tsaya bayan an tashi, kuma hujjarsa ta fi ta kyaftin ƙarfi. Ya ce mai gudun ya biyo layin harbi kai tsaye. Na ce masa haka ne, jikinsa yana kan layin, amma kowane mai gudun farko layin yake bi, in ba haka ba me ya fito yi? Abin dubawa shi ne ko da sanda ya zo ko da jiki. Wannan kan sandarsa yana ƙasa, a gabansa, fuskarta tana kallon ƙwallon, kuma da cillin ya bi ƙasa sandar ce za ta fara haɗuwa da shi. Abokin aikina, wanda ya matso daga tsakiya yana kallo ta bayan mai cilli, shi ma haka ya gani. Alƙalai biyu suna raba kwana ne saboda irin wannan: na kusa da raga yana ganin tazara da tsayi, na baya yana ganin layi.

Da ƙwallon ta sauka taƙi biyu ƙasa, ta sami ƙwauri ta tsaya, da farare sun sami wata kwanar. Da ta goga ƙwaurin ta shiga raga, da na bar cin, tunda laifin na mai tsaro ne kuma ba a hukunta wanda aka yi wa laifi ta hanyar ƙwace masa ci. Da kuma ta wuce mai gudun ta gefe ta sami mai tsaron turke, wanda ke kan layin raga mita goma sha uku daga harbin, ƙa'idar mita biyar ba ta shafe shi. Idan jikinsa ya hana ta shiga, yawanci fenareti ake bayarwa. A nan ne alƙalai suka fi saɓani, musamman idan ƙwallon ta nufi kansa ya sunkuya. Wasu suna cewa duk harbin da ya nufi raga ba ya zama haɗari ga wanda ya zaɓi tsayawa a cikinta. Ni ban ga wannan a rubuce a doka ba, kuma ba na son alƙali ya riƙe shi kamar aya, musamman a wasan yara da na masu koyo, inda mai tsaron turke bai iya kare fuskarsa da sanda ba. Tazara tana ba shi lokaci, shi ya sa nake ba harbin nesa uzuri mai yawa. Amma ina ci gaba da kallon mutumin da ke gaban ƙwallon ko da harbin ya saiti raga.

Ita ma sandar mai cillin tana da nata labarin a wannan batu. Sandunan ja da cilli suna da lanƙwasa a jikinsu kamar baka, ƙwallon tana gangarowa a cikinta tana ƙara gudu kafin ta fita. Da masu ƙera sanduna suka yi ta zurfafa lanƙwasar, sai FIH ta sa iyaka: kada zurfinta ya wuce milimita 25, kuma wurin da ta fi zurfi kada ya matso kan sandar fiye da milimita 200. Ana aunawa ne a kife sandar, fuskarta a kan shimfiɗaɗɗen tebur, a duba ratar da ke ƙarƙashi. Sandar gwanin farare ba a yi ƙorafi a kanta ba. Matsalarsa ta fito ne daga inda ya saki ƙwallon.

Ya ja ta da nisa, wannan shi ne abin da na gaya wa kocin da ya tambaye ni abin da za su gyara. Duk taku ɗaya da mai cilli ya ƙara a cikin da'ira yana ƙara wa harbinsa ƙarfi, amma yana kusantar da shi ga mai gudu, har ya faɗa cikin mita biyar ɗin. Turowarsu ma ba ta da sauri, mai tarewa kuma ya ɗan gyara ƙwallon sau biyu kafin ta tsaya, wannan jinkirin ne ya ba mai gudun mita biyu ko uku kyauta. Idan mai cilli ya ɗago ido ya ga an riga an cim masa, yana da mafita: ya bi ƙasa da harbin, inda mafi munin sakamako shi ne sanda ta tare, mafi kyau kuma ci ko wata kwanar, ko ya zame ƙwallon gefe ga abokinsa, mai gudun ya wuce da saurinsa. Ɗaga ta a kan layin mutumin da ke mita uku shi ne zaɓi guda da doka ta riga ta yanke hukuncinsa.

A cikin fili, abin da na ce wa kyaftin shi ne: "Kyaftin, mita uku, sama da gwiwa, sandarsa a ƙasa." Ya kalli mai gudun, wanda ke zaune yana riƙe da cinya, ya juya ya kira mutanensa su koma. Na tsayar da agogo har aka taimaka wa yaron ya fita aka sa masa ƙanƙara, wani ya shigo a madadinsa. Shuɗaye suka ɗauki bugun tazararsu a mita goma sha biyar daga layin ƙarshe, daidai saitin inda aka saki ƙwallon, aka ƙarasa minti huɗun ba tare da wani ci ba.